Jadawalin maki na dozaj: yadda malamai biyu za su ba yaro ɗaya maki ɗaya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Shekarata biyu ina koyar da kimiyyar sinadarai a wata lise a Garwa. A zangon da ya wuce na yi wa 'yan ajin ƙarshe jarrabawar dozaj a labo, wato gano ƙarfin wani ruwan sinadari ta hanyar ɗiga masa wani daga buret, bututun gilashi mai tsaga da famfo, har launi ya juya, ni da wani abokin aikina. Yarinya ɗaya muka kalla tare, na ba ta 14 cikin 20, shi ya ba ta 9, kuma kowa na ganin shi ne da gaskiya. Yara 72 gare ni, buret 8. Yaya zan rubuta jadawalin maki mai matakai a fili don kada a sake irin wannan?

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malama. Ina kyautata zaton idan kika buɗe takardar da kuka yi aiki da ita a ranar, za ki tarar da kalmomi irin su "ya iya sosai", "ya iya", "da dama-dama", "bai iya ba". Nan ɓarakar take. Waɗannan kalmomi ba su faɗi abin da yarinyar ta yi ba, abin da malami ya ji a ransa suka faɗa. Ke kin kalli natsuwarta da tsabtar hannunta, shi ya kalli lambar da ta samu a ƙarshe, kowannenku ya cika gurbin "ya iya" da abin da ya fi damunsa. Tun da aka shigo da tsarin APC, wato koyarwa bisa ƙwarewa, makarantun sakandarenmu, fiye da shekara goma ke nan, kowa ya haddace manyan ma'aunan nan: dacewar amsa da tambaya, amfani da kayan darasi daidai, da haɗuwar aiki. Suna da amfani a jarrabawar takarda. Amma idan kika shiga labo da su haka tsurarsu, ba za su gaya miki ko yaron da ya bar kumfar iska a bakin buret ya ci maki biyu ko ɗaya ba.

Ƙa'idar da nake bi ɗaya ce: kowane mataki a cikin jadawali ya zama abin da ido zai gani a hannun yaro, ko abin da za a nuna da yatsa a takardarsa. Idan ba za ki iya cewa "ga shi nan" ba, to jimlar ba ta gama rubutuwa ba. Bari mu ɗauki dozaj ɗin da aka fi yi, mu bi shi daki-daki: asid HCl mililita 10,0 a cikin erlen, wato kwalbar gilashi mai siririn wuya, sud NaOH mai ƙarfin 0,100 mol/L a cikin buret mai mililita 25, da ɗigo biyu ko uku na BBT, ruwan da ke sauya launi. Gwaji uku yaro ke yi: na farko don gano kusan wurin da launi ke juyawa, sauran biyun na natsuwa.

Ki fara da kurakurai, maki ya zo daga baya

Yawancinmu da raba maki ashirin muke farawa, sannan mu nemi abin da za mu rataya wa kowane kaso. Ni dai na daina haka. Kafin in zana jadawali, sai na tsaya gaban buret na yi aikin da hannuna sau uku, ina rubuta duk inda yaro zai iya kaucewa da abin da kaucewar za ta yi wa sakamako.

Ɗauki wankin kaya. Yaron da ya ɗauraye buret da tataccen ruwa kawai, bai bi da sud ba, ya tsinka sud ɗinsa. Idan rabin mililita na ruwa ya maƙale a bangon buret mai 25, ƙarfin sud ya ragu da kashi 2 cikin ɗari, sai dozaj ɗin da ya kamata ya tsaya a 12,4 ya kai kusan 12,65. Wanda ya ɗauraye fifet, bututun auna asid, da ruwa kawai ya tsinka asid, nasa sakamakon ƙasa zai yi. Wanda ya ɗauraye erlen da asid, wai don tsabta, ya ƙara asid a kan goman da ya auna, nasa sama zai yi. Amma ɗigon tataccen ruwa da ya rage a cikin erlen ba ya ɓata komai, domin yawan asid ɗin da ke ciki bai sauya ba. Wannan na ƙarshe ki riƙe shi da kyau, don na sha ganin malami ya cire wa yaro maki saboda "erlen ɗinka da jiƙa", alhali yaron ne da gaskiya.

Kin ga tun daga nan ma'auni ɗaya ya fito da kansa, da matakansa. Kaya uku ne, kowanne da ruwan da ake ɗauraye shi da shi a ƙarshe: buret da sud, fifet da asid, erlen da tataccen ruwa kaɗai. Wanda ya yi ukun daidai yana mataki na 3, biyu daidai mataki na 2, ɗaya daidai mataki na 1, babu ko ɗaya sifili. Babu abin gardama a nan. Wani zai ce ai wannan ƙidaya ce kawai, ba kwatanta ƙwarewa ba. Haka ne, kuma ban ga aibinsa ba: inda aiki ya ƙunshi abubuwa rarrabe da ake yi ko a bari, ƙidaya ta fi kowace kalma adalci.

Da wannan hanya na tsaya a kan ma'auni bakwai. Huɗu ana ganinsu yayin da yaro ke aiki: wankin kaya, cika buret da auna asid, kama wurin sauyin launi, da kiyaye lafiya. Uku ana duba su daga baya a takarda: rubuta awo, ingancin sakamako, da lissafi. Shida daga ciki maki uku-uku ne, kiyaye lafiya maki biyu, jimla ashirin cif, ba sai an yi wani juyin lissafi ba kafin a kai maki ofis. Matakai huɗu nake amfani da su, 3, 2, 1 da 0. Na taɓa gwada biyar, sai na ga hannuna kullum tsakiya yake faɗawa idan na gaji. Da huɗu dole ki yanke: ko yaron ya kai abin da ake bukata, ko bai kai ba.

Ma'aunin da ya fi wuyar rubutu

Kama wurin sauyin launi shi ne zuciyar dozaj, kuma a nan ne malamai suka fi saɓawa. Rubutuna na farko, shekarun baya, cewa na yi mataki na 3 shi ne "ya tsaya a kore". Da gani ya yi kyau, tunda BBT rawaya ne a asid, shuɗi a sud, kore a tsakani, wajen pH 6,0 zuwa 7,6. Ranar jarrabawa sai na ga yaran da suka fi kowa natsuwa suna tsallake koren. Ɗigo ɗaya, daga rawaya sai shuɗi. Laifin jimlata ne, ba nasu ba. Ɗigon buret kusan mililita 0,05 ne, kuma a dozaj ɗin asid mai ƙarfi da sud mai ƙarfi a wannan kauri, ɗigo ɗaya kafin wurin daidaito pH yana kusa da 4, ɗigo ɗaya bayansa yana kusa da 10. Samun kore sau da yawa sa'a ce. Abin da ke nuna gwaninta shi ne a ce ɗigo guda ne ya juya launin.

Ga yadda ma'aunin yake a takardata yanzu. Mataki na 3: a gwaji na biyu da na uku, yaro ya rufe famfon buret tun saura kamar mililita ɗaya ya kai lambar gwajin farko, ya ci gaba ɗigo-ɗigo yana kaɗa erlen bayan kowane ɗigo, kuma ɗigo ɗaya ne ya mai da ruwan kore ko shuɗi, launin ya zauna. Mataki na 2: ya rage gudu kusa da wurin kuma yana kaɗawa, amma ɗigo da yawa ne suka zuba a jere lokacin da launi ya juya, ko kuma ya yi irin na mataki na 3 bayan malami ya tuna masa sau ɗaya. Mataki na 1: famfo a buɗe sud na tsiyaya har ruwan ya yi shuɗi, sannan ya rufe. Sifili: bai kai ga sauyin launi ba, ko malami ya karɓi famfon ya yi masa.

Duba abin da ke cikin waɗannan jimloli. Zare ɗaya ne ya ratsa su duka, wato yadda sud ke sauka a lokacin da launi ya juya: ɗigo ɗaya, ɗigo da yawa, tsiyaya, babu. Kuskuren da nake yawan gani a jadawalin matasan malamai shi ne mataki na 3 yana magana a kan launi, na 2 a kan sauri, na 1 a kan tsabtar tebur. Yaron da ya yi sauri, ya kama launi, ya kuma zubar da ruwa a tebur, ina za a ajiye shi? Duk matakan ma'auni guda dole su auna abu guda, suna hawa kamar tsani. Sannan ki lura mataki na ƙasa ma kwatanta abin da yaro ya yi aka yi. Ba a rubuta "bai iya ba". Yaron da ya karanta "famfo a buɗe har ruwan ya yi shuɗi" ya san abin da zai gyara gobe.

Batun taimako kuwa kada ki bar shi a baki, ki rubuta shi. A jarrabawar aikin labo ta bakaloriyar Faransa, matakan A zuwa D da suke amfani da su sun rataya sosai a kan yawan taimakon da mai jarrabawa ya bayar, kuma dabarar ta yi mini. Tawa ƙa'idar: tuni ɗaya da baki yana sauke yaro mataki ɗaya a wannan ma'aunin kaɗai, idan kuma na sa hannu na yi masa, sifili ne a wannan ma'aunin kaɗai, ya ci gaba da neman makinsa a sauran. Amfanin wannan shi ne ba za ki tsaya kina kallon yaro ya maƙale minti ashirin saboda ya kasa fitar da kumfa ba, har lokaci ya ƙare bai nuna miki ko ya iya lissafi ba.

Ma'aunin cika buret da auna asid ba shi da wannan wahalar. Abubuwa huɗu nake kallo: ya kori kumfar iska daga bakin buret, ya cire mazurari kafin ya daidaita sifili, idonsa na daidai da ƙasan lanƙwasar ruwa sa'ad da yake karanta buret ko zoben fifet, kuma bai hura ɗigon ƙarshe na fifet cikin erlen ba. Huɗun duka mataki na 3, uku mataki na 2, ɗaya ko biyu mataki na 1. Kiyaye lafiya maki biyu ne: tabarau da farar riga tun farko har ƙarshe maki ɗaya, amfani da robar zuƙa da goge abin da ya zube maki ɗaya. Wanda ya kai fifet baki zai zuƙi asid, nan take nake tsayar da shi, ba na jira. Sud ma ba abin wasa ba ne a ido, ko da tsinkakke ne.

Abin da ake dubawa a takarda

A rubuta awo, mataki na 3 yana neman abu huɗu: tebur, karatun farko da na ƙarshe na kowane gwaji, lamba ɗaya bayan waƙafi a ko'ina tunda tsagar buret ɗinmu 0,1 ce, da alamar mL. Wanda ya rubuta 12 a inda ya kamata ya rubuta 12,0 ya rasa na uku. Rashin ɗaya daga ciki mataki na 2 ne, rashin biyu ko uku mataki na 1. A nan ina roƙonki abu ɗaya. Yaranmu da Fulatanci ko Hausa ko Larabci suke kwana, Faransanci a makaranta suke haɗuwa da shi. Kada kuskuren nahawu ya ci makin awo. Idan kina son auna Faransancinsu, ki ware masa ma'auninsa a wata jarrabawar.

Ingancin sakamako tambaya biyu ce a haɗe: shin gwaje-gwajensa biyu na natsuwa sun yi kusa da juna, kuma shin matsakaicinsu ya yi kusa da na malami? Mataki na 3: tazarar da ke tsakanin biyun ba ta wuce 0,2 ba, matsakaicin kuma bai yi nisa da na malami fiye da 0,2 ba. Mataki na 2: biyun sun yi kusa da juna, amma matsakaicin ya kauce da fiye da 0,2 har zuwa 0,5. Mataki na 1: biyun sun yi nisa da juna fiye da 0,2, ko matsakaicin ya kauce fiye da 0,5. Sifili: gwaji ɗaya kawai ya kammala, ko babu. Ki lura da iyakokin. Idan kika rubuta "ƙasa da 0,2" a wani mataki, "sama da 0,2" a wani, yaron da ya samu 0,2 cif ba shi da gida, kuma wallahi sai kin same shi.

Lambar malami kuma ba daga littafi ake ɗauko ta ba. Ƙwayoyin sud suna shan danshi da iskar kabon tun suna kan sikeli, ruwan da aka haɗa ma yana ci gaba da sha idan an bar bakin jarka a buɗe. Saboda haka giram 4,0 a lita ɗaya ba ya nufin 0,100 cif a hannunki. Ga yara 72, kowanne yana cin kamar mililita 60 har da na ɗauraya, lita biyar za ki haɗa, giram 20 ke nan, a jarka ɗaya mai murfi, kada ki haɗa kashi-kashi. Da safiyar kowace ranar jarrabawa ki yi dozaj ɗin da kanki sau uku, da irin buret da fifet ɗin da yara za su riƙa. Kayan gilashin nan a zafin digiri 20 aka auna su, mu kuwa a Garwa da Marwa watan Maris da Afrilu zafi yana haura 40. Idan ke da yaran kun yi awo a ɗaki ɗaya da ruwa ɗaya a rana ɗaya, duk wannan ya shafe ku tare, ba a zalunci kowa ba.

Lissafi kuwa da lambar yaron ake duba shi, ba da taki ba. Wannan ita ce jimlar da na fi so ki ja wa layi. Mataki na 3: ya rubuta Ca × Va = Cb × Vb, wato ƙarfin asid sau yawansa daidai yake da ƙarfin sud sau yawansa, ya yi amfani da matsakaicin gwaji biyu na natsuwa ya bar na farko, amsa ta fito daidai da lambobi uku da alamar mol/L. Mataki na 2: hanya daidai, amma da tuntuɓe ɗaya, ko na ninkawa, ko rashin alama, ko ya cusa gwajin farko cikin matsakaici. Mataki na 1: ya rubuta dangantakar daidai amma ya musanya lambobi ko bai ƙarasa ba.

Yara biyu a ƙarƙashin jadawalin

Bari in kawo miki biyu daga ajina, a ranar da tawa lambar ta kasance 12,4, wato asid mai ƙarfin 0,124 mol/L.

Ta farko yarinya ce mai sanyin hannu. Ta ɗauraye buret da sud, fifet da asid, sai kuma ta tsiyaya ɗan asid a erlen ta jujjuya ta zubar, kuma haka ta yi kafin kowane gwaji. Wankin kaya: 2. Ta ɗaga buret ta ƙyasta bakinsa da farce har kumfar ta fita, ta cire mazurari, ta durƙusa har idonta ya yi daidai da tsagar: 3. Da ta kusa wurin, ta shimfiɗa farar takarda ƙarƙashin erlen, hannun hagu a famfo, na dama yana kaɗawa, ɗigo ɗaya ya mai da ruwan shuɗi: 3. Teburinta ya cika sai dai ba ta rubuta karatun farko ba: 2. Gwajin farko 13,2, sannan 12,9 da 12,7. Tazara 0,2, matsakaici 12,8, ya kauce wa tawa da 0,4: mataki na 2. Lissafinta 0,100 × 12,8 ÷ 10,0 = 0,128 mol/L, daidai da lambarta: 3. Lafiya: 2. Jimla 17.

Na biyu yaro ne mai gaggawa. Fifet da ruwa kawai ya ɗauraye: 2. Ya bar kumfa, ya kuma matsa roba ya fitar da ɗigon ƙarshe: 1. Famfo a buɗe har shuɗi ya turnuƙe: 1. Lambobi uku ya watsa a gefen takarda, ba tebur, ba karatun farko, ba alama: 1. Gwajinsa biyu 12,0 da 12,8, tazara 0,8: mataki na 1. Matsakaicinsu kuwa 12,4 cif, amsarsa 0,124, irin tawa sak, sai dai bai sa mol/L ba: 2. Tabarau a goshi ya yini: 1. Jimla 9.

Da tsohuwar hanyar "amsa daidai, maki cikakke" ce, da yaron ya wuce yarinyar, alhali kurakuransa ne suka cinye juna, wasu sun ja ƙasa wasu sun ja sama. Ita kuma kuskure ɗaya tak ta yi, wanda minti biyu ya isa a gyara mata shi. Ba zan ɓoye miki ba, ko a wannan jadawalin kuskuren nata ya ci ta sau biyu, a wanki da a sakamako. Ma'aunai ba sa rabuwa da juna ɗari bisa ɗari a aikin hannu, tunda abin da hannu ya yi shi ke haifar da lamba. Abin da na iya shi ne taƙaita ɓarnar ta tsaya a maki biyu, kada ta bi ta har cikin lissafi ta kwashe biyar ko shida.

Gwada jadawalin kafin ranar

Jadawalin da ba a gwada ba, zato ne kawai. Ki nemi abokin aikin nan naki, ku ɗauki yara shida daga wani ajin, ku kalle su tare, kowa da takardarsa, ba magana. Bayan an tashi kada ku kwatanta jimla, ku kwatanta ma'auni da ma'auni. Duk inda kuka saɓa a kan yara biyu ko fiye cikin shidan, kada ku tsaya neman wanda ya yi daidai, jimlar ce ke da rami. Ni da wani abokin aikina mun taɓa saɓawa a kan yara huɗu saboda na rubuta "ya rage gudu kusa da wurin". Shi a wurinsa kusa na nufin ɗigo biyar, ni a wurina mililita biyu. Daga ranar ne "saura kamar mililita ɗaya" ta shiga takardar. Abin da nake nema shi ne jimlar malamai biyu kada ta bambanta da fiye da maki ɗaya ko biyu cikin ashirin.

Sannan ki raba wa yara jadawalin mako guda kafin jarrabawa, ko ki rubuta shi a allo su kwafa. Wasu malamai na ganin kamar an ba da amsa ne. Sanin cewa ana son ɗigo ɗaya ya juya launi bai sa hannu ya iya sarrafa famfo ba, sai an yi ta yi.

Game da yara 72 da buret 8: ido ɗaya ba ya iya bin fiye da yara huɗu a wannan aikin, na gwada shida na ga ina cika takarda da tsammani. Ku biyu, yara takwas a zagaye, minti 40 kowane zagaye, zagaye tara ke nan, awa shida ban da gyaran tebur a tsakani. Yammacin Laraba biyu da safiyar Asabar ɗaya za su ɗauke shi. Ki sa yaran huɗu su fara da ratar minti biyu-biyu, don kada su kai wurin sauyin launi lokaci guda idonki ya rabu. Takardar da ke hannunki ta zama shafi ɗaya: sunaye huɗu a tsaye, ma'aunai huɗu na kallo a kwance, ki zagaye lamba kawai. Lissafi kuma su yi shi a wani teburin, buret ya samu mai shiga. Tunda ranakun sun bambanta, ki ɗan sauya kaurin asid kowace rana, yau ya tsaya wajen 12, jibi wajen 14, in ba haka ba lambar za ta riga 'yan zagaye na biyu isa labo.

Idan lokaci ya tilasta miki haɗa su biyu-biyu, to kowanne ya yi gwaji ɗaya na natsuwa da hannunsa a gabanki, ya samu makinsa shi kaɗai a ma'aunan kallo da lissafi, ingancin sakamako ne kawai za su yi tarayya a kai. Maki ɗaya ga rukunin yara shida, wanda ɗaya ke riƙe da famfo biyar na kallo, bai auna kowa ba.

Akwai abin da wannan jadawalin ba ya gani, kuma gara ki sani tun yanzu. Yana auna yaron da aka ba hanya ya bi. Ba ya gaya miki ko yaron ya san dalilin da ya sa ruwa a erlen ba ya ɓata sakamako, ko zai iya tsara dozaj ɗin ruwan tsami da kansa idan aka ajiye masa kaya ba takarda. Gani ɗaya kuma ba ya isa a ce yaro ya ƙware. Masana tsarin nan, irin su De Ketele, suna da ƙa'idar biyu cikin uku: a ba yaro dama uku masu zaman kansu a kan ma'auni, idan ya ci biyu a ce ya kama. Da buret takwas ba za ki samu dama uku a zango ɗaya ba, amma a shekara za ki iya, idan kika riƙe ma'aunan wanki da awo da lafiya yadda suke, kika sauya na sauyin launi da na lissafi gwargwadon dozaj ɗin da ke gaba. Lambobin 0,2 da 0,5 ma na buret ɗina ne da yarana. Idan naki famfonsu na yoyo, ko fifet ɗin bakinsa ya ɗan fashe, ki duba tazarar da ke kanki kike samu a gwaji uku, ki buɗa iyakar ta fi taki faɗi kaɗan. In kin rubuta naki, ki aiko mini da shi tare da makin da ku biyun kuka ba yaran gwaji shida, mu duba layin da kuka saɓa.